Kashi Ɗaya Cikin Ɗari Ba Kaɗan Ba Ne Idan Aji Ya Cika

A watan Agustan 2023, Jami'ar Vanderbilt da ke birnin Nashville a jihar Tennessee ta Amurka ta sanar da malamanta cewa ta kashe wani sashe na manhajar Turnitin. Sashen kuwa shi ne wanda kamfanin ya ƙara a watan Afrilun shekarar, wanda yake duba jingar ɗalibi ya faɗi ko shi ya rubuta abinsa ko ChatGPT da ire-irensa ne suka rubuta masa. Lokacin da kamfanin ya fito da shi, ya ce kamun kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana, a cikin kowace takarda ɗari da mutum ya rubuta da kansa, ɗaya ce kawai manhajar za ta iya cewa aikin na'ura ce.

Jami'ar ba ta tsaya musu a kan adadin ba. Ta karɓe shi yadda aka faɗa, sannan ta buɗe nata littafin. A shekarar 2022 takardu 75,000 ta tura wa Turnitin. Kashi 1 cikin 100 na 75,000 shi ne 750. Da a ce wannan sashe yana aiki a waccan shekarar, da takardu wajen 750 sun fito da tambarin zargi, alhali masu su sun zauna ne sun yi guminsu. Wannan lissafi yana cikin manyan dalilan da jami'ar ta bayar na daina amfani da shi.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba, amma manyan malamai da shugabannin makarantu suna tsallake shi kullum. Kunne idan ya ji "kashi ɗaya" sai hankali ya kwanta. Abin da ake mantawa shi ne kashi ba ya tsayawa shi kaɗai, kashin wani abu ne, kuma girmansa yana bin girman abin. Tsakuwa ɗaya a cikin kowace tiya ta shinkafa ba za ta dami mai girkin gida ba, wataƙila ma ba za ta ci karo da ita ba. Wanda yake girka wa makarantar kwana buhu goma a rana kuwa ya san sai haƙorin wani ya gamu da ita, yau da gobe da jibi.

Haka abin yake ga malamai biyu masu amfani da manhaja guda. Na farko yana da ɗalibai 30. Idan duka sun yi aikinsu tsakani da Allah, yiwuwar a kama ko da ɗaya daga cikinsu bisa kuskure ba ta wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba. Zai iya yin jinga biyu ko uku bai ga kamun kuskure ko ɗaya ba, ya riƙa ba abokan aikinsa labarin cewa manhajar nan ba ta ƙarya. Na biyu yana koyar da irin kwas ɗin nan na gama-gari da kowane ɗan shekarar farko a jami'a sai ya ɗauka, inda ɗakin lakca yake cika har wasu su tsaya a tagogi, ɗalibai su kai dubu ko su ɗara. Shi wannan malamin ba maganar "wataƙila" yake yi ba. Duk ranar da ya zuba jingar ajinsa a manhajar, sai ta fito masa da sunayen mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Saura kawai a san ko su nawa ne.

Bari mu ɗauki aji irin wannan mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, na zaɓe su don lissafin ya yi sauƙi. A ce ɗalibai 1,200 ne suka miƙa jinga. A ce kuma 100 daga cikinsu sun sa na'ura ta rubuta musu, sauran 1,100 sun rubuta da kansu. Manhajar tana da halaye biyu da dole a san su. Na ɗaya shi ne yawan masu laifin da take iya ganowa, mu ce tana kama 80 a cikin kowane 100. Na biyu shi ne yawan masu gaskiyar da take kamawa bisa kuskure, wato kashi 1 cikin 100 ɗin nan.

Cikin masu laifi 100 za ta kama 80, sauran 20 su sha. Cikin masu gaskiya 1,100 za ta kama 11. Takardar da za ta iso teburin malam tana ɗauke da sunaye 91, kuma babu wata alama a jikinta da ta raba 80 ɗin da 11 ɗin. Duka launi ɗaya, duka da lamba mai tayar da hankali a gefen sunan. Kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas a wannan jeri bai aikata komai ba.

Yanzu mu canja abu guda tak, mu bar manhajar yadda take. A ce ajin na yaran kirki ne, malamin ya ja musu kunne sun ji, mutum 20 ne kawai suka yi maguɗi, 1,180 suka yi da kansu. Manhajar za ta kama 16 daga cikin 20 ɗin. Daga cikin 1,180 kuma za ta kama wajen 12. Jerin ya zama sunaye 28, kuma 12 daga ciki masu gaskiya ne, abin da ya doshi rabi. Idan muka ƙara gaba muka ce babu ko mutum ɗaya da ya yi maguɗi a ajin, manhajar ba za ta dawo hannu rabbana ba. Za ta kawo sunaye wajen 12, kuma dukkansu sharri ne aka yi musu.

Wannan shi ne wurin da ya fi ci mini rai a cikin al'amarin. Gwargwadon yadda aji ya zama na masu gaskiya, gwargwadon yadda jerin waɗanda ake zargi yake cika da masu gaskiya. Yawan kamun kuskure yana bin yawan mutanen kirkin da aka tantance, ba ya bin yawan masu laifi. Makarantar da ta yi nasarar tarbiyyar ɗalibanta ita ce ta fi cancanta ta yi shakkar duk sunan da manhaja ta miƙa mata.

Daga nan ne wani kuskuren fahimta yake shigowa, kuma shi ne yake kai yaro gaban kwamitin ladabtarwa. Malam ya karanta cewa manhajar tana kuskure sau ɗaya a ɗari. Ya ga sunan ɗaliba a jeri. Sai ya ce a ransa, ke nan kashi 99 cikin 100 ta yi maguɗi. Ya haɗa tambayoyi biyu ne da ba su da dangi. Ta farko ita ce, idan ɗaliba mai gaskiya ce, mene ne yiwuwar a kama ta? Amsar ita ce ɗaya a ɗari, kuma ita ce kamfani yake bugawa. Ta biyu ita ce, tunda an kama ta, mene ne yiwuwar mai gaskiya ce? Wannan ita ce tambayar da malam yake buƙatar amsarta kafin ya ɗauki jan biro, kuma kamfani ba zai iya amsa masa ita ba, domin ta dogara ne da yawan masu maguɗi a ajinsa shi kansa. A misalinmu na farko amsar ɗaya cikin takwas ce. A na biyu kusan rabi. Babu kotun kirki da za ta ɗaure mutum a kan shaidar da take kusa da jefa kwabo.

Duk wannan lissafin jinga ɗaya ne. Ɗalibi kuwa ba sau ɗaya ake tantance shi ba. Idan a zangon karatu guda ya miƙa rubutu 10, kowanne kuma aka zuba shi a manhaja, yiwuwar a kama shi bisa kuskure ko da sau ɗaya ta tashi zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Idan a shekara huɗu na digirinsa ya miƙa rubutu 40, ta kai kusan kashi 33, wato ɗalibi ɗaya cikin uku masu gaskiya zai ga ranar da za a kira shi ofis kafin ya kammala. Wannan lissafi ya ɗauka cewa kuskuren yana faɗa wa kowa ne daidai wa daida, kamar ƙuri'a. A zahiri ba haka yake ba, kuma gaskiyar ta fi wannan ɗaci ga wasu.

Don a gane dalili, sai an leƙa yadda irin waɗannan manhajoji suke yanke hukunci. Tsohon aikin Turnitin, wanda jami'o'inmu da dama suka saba da shi wajen duba kundin digiri, shi ne neman kwafe. Yana gwada rubutun ɗalibi da littattafai da mujallu da kundayen da yake da su a rumbunsa. Idan ya sami inda suka yi daidai, sai ya shafa wa jimlar launi ya nuna inda ta fito. Malam zai iya buɗe asalin ya ajiye su gefe da gefe, ya gani da idonsa ko sata ce ko ambato ne da aka yi bisa ƙa'ida. Akwai abin nunawa.

Mai neman rubutun na'ura ba shi da asalin da zai nuna, domin abin da ChatGPT ya rubuta wa wani jiya ba a ajiye yake a wani ɗakin karatu ba. Salo kawai yake dubawa. Na'ura idan tana rubutu, yawanci takan zaɓi kalmar da aka fi tsammanin za ta biyo bayan wadda ta gabata, jimlolinta kuma sukan zo kusan tsawo ɗaya, sumul ba gargada. Mai tantancewa yana auna yadda rubutu ya yi kama da wannan hali. Idan kalmomin na yau da kullum ne, jimlolin a tsare suke, babu wata kalma da ta zo ba zato, sai makin zargi ya hau. A allon malam abin da zai bayyana shi ne lamba, a ce 62%, da wasu sakin layi da aka shafa wa launi. Babu littafi, babu shafi, babu sunan marubuci. Lambar ce kaɗai shaida.

To wane ne yake rubuta Turanci da kalmomi na yau da kullum da jimloli a tsare? Wanda ya koyi harshen a makaranta, aka koya masa ya buɗe da gabatarwa, ya jera hujjoji, ya rufe da kammalawa, ya guji kalmar da bai tabbatar da ita ba. A shekarar 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Weixin Liang da James Zou, sun gwada manhajoji bakwai na gano rubutun na'ura. Sun ba su rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL waɗanda mutanen da Turanci ba harshensu na gida ba ne suka rubuta. A matsakaicin lissafi, manhajojin sun ce kusan kashi 61 cikin 100 na rubuce-rubucen aikin na'ura ne. Guda 89 cikin 91 sun faɗa tarkon aƙalla manhaja ɗaya. Da aka ba su rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas kuwa, kusan duka suka gane cewa na mutane ne. Don adalci, Turnitin ba ya cikin bakwai ɗin da aka gwada, kuma kamfanin ya ce nasa gwajin bai nuna wani bambanci mai yawa a kan masu koyon Turanci ba.

Duk da haka darasin ya shafe mu kai tsaye. Adadin kamun kuskure da kowane kamfani yake bugawa, a kan tarin rubutun da ya zaɓa ya gwada ne ya same shi. Idan tarin bai ƙunshi irin rubutun yaron da ya taso da Hausa a gida, ya fara Turanci a firamare, ya rubuta jarrabawar WAEC da tsarin da aka haddace masa ba, to babu tabbacin adadin zai tsaya a kashi ɗaya idan aka zo ajin da irin wannan yaro ne ya cika shi. A ce ya tashi zuwa kashi 5 kawai. A ajinmu na masu gaskiya 1,100, an tashi daga mutum 11 an koma 55. Kuma tunda salon mutum ba ya canjawa daga jinga zuwa jinga, waɗanda aka kama yau su ne za a sake kamawa gobe. A karo na biyu kuwa malam zai ce ai dama yana da tarihi.

Kamfanonin su kansu sun san iyakar kayansu. OpenAI, wanda ya ƙera ChatGPT, ya fitar da nasa mai tantancewa a watan Janairun 2023. Ya bayyana cewa yana gane kashi 26 cikin 100 ne kawai na rubutun na'ura, yana kuma kama kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane bisa kuskure. A watan Yulin wannan shekarar ya janye shi saboda rashin inganci. Turnitin ma daga baya ya yi ƙarin bayani cewa alƙawarin ƙasa da kashi 1 ya shafi takardun da manhajar ta ce sama da kashi 20 cikin 100 nasu na na'ura ne, a ƙasa da haka kuskuren ya fi yawa, kuma idan jimla-jimla ake dubawa kamun kuskuren yana kai wa wajen kashi 4. Kamfanin yana faɗa da kansa cewa kada a ɗauki lambar ita kaɗai a hukunta ɗalibi da ita.

Wani zai ce, to a ƙara wa manhajar tsauri mana, ta daina kama kowa sai wanda ta tabbatar. Ana iya yi, amma da kuɗinsa. Akwai wani layi da ake ja a kan makin zargi, wanda ya haura shi an kama shi. Idan aka ɗaga layin, masu gaskiya kaɗan ne za su faɗa, amma masu laifi da yawa za su wuce ta ƙasa. Idan aka sauke shi, za a kama masu laifi da yawa tare da ƙarin masu gaskiya. Ko da an matse kamun kuskuren ya koma ɗaya cikin dubu, jami'a mai takardu 75,000 tana da 75 a shekara da za ta amsa tambaya a kansu. Ga kuma wani abin takaici: ɗalibin da ya ƙware a maguɗi ya san yadda zai sauya kalmomi ya ɓatar da sawu. Wanda bai san yana da abin ɓoyewa ba shi ne yake miƙa rubutunsa yadda yake.

Ban ce a bar masu maguɗi su ci karensu ba babbaka ba. Malamin da yake da takardu dubu a gabansa da mako biyu na miƙa sakamako yana da haƙƙin neman abin da zai taimaka masa, kuma ɗalibin da ya kwana yana karatu yana da haƙƙin kada a ba wanda ya kwafo maki ɗaya da shi. Abin da lissafin yake nunawa shi ne jerin da manhaja ta fitar jerin waɗanda za a duba ne, ba jerin waɗanda aka samu da laifi ba. Tsakanin biyun dole a sami bincike na biyu, kuma sharaɗinsa shi ne ya zama bai dogara da abin da na farko ya dogara da shi ba.

A nan ne da yawa suke zamewa. Malam ya ga Turnitin ya kama takarda, sai ya kwafe ta ya zuba a wata manhajar ta kyauta, ita ma ta kama, sai ya ce shaida biyu sun haɗu. Ba su haɗu ba. Dukansu sauƙin kalmomi da daidaiton jimloli suke aunawa, don haka salon da ya ruɗi ɗaya shi zai ruɗi ɗayar. Wasu kuma ChatGPT ɗin kansa suke liƙa wa rubutun su tambaye shi ko shi ya rubuta. Ba shi da hanyar sanin haka, amsarsa ba hujja ba ce ko kaɗan.

Binciken da yake da amfani shi ne wanda yake duba yadda rubutun ya samu, da kuma abin da ke kan ɗalibin. Idan a Google Docs aka yi aikin, akwai wurin da ake kira Version history, wanda yake nuna yadda takarda ta girma sa'a bayan sa'a, da inda aka goge aka sake. Takardar da ta faɗo gaba ɗaya cikin minti ɗaya daban take da wadda aka yi kwana huɗu ana gina ta, ko da yake wanda ya rubuta a takarda ko a waya sannan ya kwafo shi ma tasa za ta faɗo a dunƙule, don haka sai a nemi ya kawo daftarin. Akwai duba littattafan da aka ambata, domin na'ura takan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, kuma wannan abu ne da ake iya tabbatarwa. Akwai gwada jingar da abin da ɗalibin ya rubuta da hannu a ɗakin jarrabawa. Sai kuma hanya mafi tsufa, wato a zaunar da shi minti goma. Malam ya buɗe shafi na biyu ya ce, "A nan kin ce hujjar marubucin nan ba ta da ƙarfi, me ya sa?" Wadda ta rubuta abinta za ta ce, "Malam, ai a babi na uku ya faɗi akasin haka," ta ci gaba da bayani ko da muryarta tana rawa. Wadda ba ta san abin da ke cikin takardar ba, tambaya ta biyu ba za ta wuce ba.

Wannan aiki yana cin lokaci, kuma ya kamata a lissafa shi tun kafin a kunna manhajar. Sunaye 91 a minti goma-goma ya haura awa 15 na zaman malam. Sashen da ba shi da malamai ko mataimakan da za su yi wannan zama, bai shirya tantance aji gaba ɗaya ba, domin abin da zai biyo baya shi ne a ɗauki jerin a manna a allon sanarwa, ko a zuba wa kowa sifili a ce mai ƙorafi ya rubuto. Kuma yadda ake kiran ɗalibi yana da nasa nauyi. Wanda aka ce masa "zo mu tattauna jingarka" zai iya fita daga ofis da mutuncinsa idan aka wanke shi. Wanda aka kira sunansa a gaban aji dubu a matsayin ɓarawon amsa, ko kwamiti ya wanke shi bayan wata uku, an riga an shafa masa kashin kaji, labarin kuma ya kai gida kafin takardar wankewar ta fito.

Kafin wata makaranta ta sa hannu a kan sayen irin wannan manhaja, akwai gwajin da za ta iya yi da abin da ke hannunta. Ta ɗauko jinga da kundaye ɗari biyar ko dubu na ɗalibanta da aka rubuta kafin watan Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, ta zuba su a ciki. Kusan duk wanda manhajar ta kama a cikinsu kamun kuskure ne. Adadin da ya fito shi ne nata na gaskiya, a kan Turancin yaranta, ba na takardar talla ba. Sai ta ninka shi da yawan takardun da take karɓa a shekara, ta ga mutum nawa za ta kira ofis ba da laifinsu ba, da malamai nawa take da su da za su zauna su saurare su.